Shirun da Na Yi Wa Dogo

Litinin, bakwai na safe

Zazzaɓin ya tafi, amma ya bar min ruwa a kunne. Haka nake kiransa, ruwa. Umma na magana a kicin, ina jinta kamar daga ƙasan rijiya take kirana. Na ce mata na warke, yau zan koma shago.

Dogo ya turo saƙon murya tun da sassafe. Shi dama ba ya son rubutu. Mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ne, kullum hannunsa cikin maiƙo, sai ya danna da ɗan yatsa ɗaya ya yi ta zuba. A shagonmu na ɗinkin labule muka haɗu, ranar da ya zo gyara ya buga kansa a ƙarfen rataye. Wata bakwai ke nan ba mu taɓa wuni ba mu yi hira ba.

Na kara wayar a kunnen dama. Muryarsa ce, na san tashinta da saukarta, amma kalmomin sun narke. Na tura masa hoton zuciya.

Talata, bayan an tashi daga aiki

Shagon ya zama wani iri. Kekunan ɗinki suna gudu, ba ƙara, sai rawar da nake ji a tafin ƙafa. Na wuni ina kalmasa bakin wani farin labule mai shara-shara, fanka na ɗaga shi yana sauke shi. Madam mai shagon ta tsaya a kaina, bakinta na motsi. Na ce to. Ban san me na amsa ba.

Ya turo murya biyu. Na ba shi zuciya da babban yatsa.

Alhamis, da rana

Na je wajen likita ni kaɗai, na ce wa Madam banki za ni. Sun sa ni a wani ɗan ɗaki mai laushin bango, suka ɗora min abin ji a kai, wai in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Na zauna ina jira. Ta gilashi na ga ma'aikaciyar ta dube ni, ta dubi na'urarta, ta sake dubana. Ashe tuni an fara.

Likitan ya yi bayani a hankali yana kallon fuskata. Ya rubuta magani, ya ce in dawo. Akwai abin da ya faɗa game da kunnen hagun. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Juma'a, da yamma

Ya turo murya doguwa. Na saurara har ƙarshe, na ji kamar muryar tana rawa, irin yadda take yi in yana ba da labari yana danne dariya. Na tura masa fuska mai dariya har da hawaye, guda uku.

Ya gani. Sama ya nuna yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Can sai ga shi, da rubutu, shi da ba ya rubutu:

"Dariya kike?"

Na ajiye wayar a kan gado kamar ta ƙona ni. Ban san me ya faɗa ba. Ban san me na yi wa dariya ba. In na tambaye shi sai na gaya masa dalili, in na gaya masa dalili abin ya tabbata.

Gobe zan rubuta masa.

Asabar, da safe

Gobe.

Lahadi, da hantsi

Ya kira. Wayar na rawa a hannuna, sunansa na haske, na zuba mata ido har ta gaji. Ya sake kira. Daga baya ya rubuto: "Lafiya dai?"

Ban buɗe ba. Daga saman allo na karanta, inda saƙo ke leƙowa, don kada tik ɗin su zama shuɗi ya san na karanta. Sai na shiga saiti na kashe shuɗin gaba ɗaya. Na ɓoye lokacin da na leƙa na ƙarshe, na ɓoye alamar da ke nuna ina onlayin. Manhajar ta ce in na ɓoye nawa, ni ma ba zan ga na kowa ba. Na yarda. Abin bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Na yi mamakin sauƙinsa.

Talata, da rana

Na yi mafarki shagon ya cika da ruwa har rufi, labulaye na iyo, mu kuma muna ɗinki abinmu. Ba wanda ya damu. Na farka cikin jin daɗi, shi ne abin da ya ba ni tsoro.

Saƙonninsa na taruwa. "Ko wayarki ce ta lalace?" "Na ga suna shiga ai." Sai murya, sai murya. Muryoyin ba na taɓa su, don su ko ka kashe shuɗi, da ka kunna za su nuna masa an saurara. Na mayar da hirarmu ma'ajiya, inda ba ta fitowa a gaba. Yanzu in na buɗe waya ba na ganinsa. Sai ɗan lamba a gefe yana ƙaruwa.

Laraba, da yamma

Ya zo shago. Inuwarsa na fara gani a jikin labulen ƙofa, ba mai tsawon nan sai shi. Na shige ɗakin ajiya na tsaya tsakanin bandiran yadi, ƙamshin sabon yadi ya cika min hanci. Na roƙi Anti mai guga da ido. Ta fita, ta dawo.

Ta matso daf da fuskata ta ce, "Na ce masa kin fita. Ni dai kada ki ƙara sa ni ƙarya, da girmana. Me yaron nan ya yi miki?"

Na ce ba komai.

"To ke me kika yi masa?"

Na koma kan keke.

Juma'a, bayan cin abincin yamma

Ƙanwata Auta ta dawo hutu daga jami'a, ɗakin ya cika da kayanta. Ita ce ta fara ganewa. Wai ta kira ni daga bayana har ta gaji, sai ta zagayo gabana ta riƙe kafaɗuna ta ce, "Yaya, tun yaushe?" Na ce ruwa ne kawai. Ba ta yi musu ba. Ta koma ɓangaren dama ta zauna, tana magana a hankali, bakinta a saitin idona. In na rasa kalma ta rubuta min a wayarta.

Ta ce, "Dogo ya neme ni. Ya ce in gaya masa gaskiya ko asibiti kike. Na ce lafiyarki lau, don abin da na sani ke nan a lokacin." Ta karɓi wayata, ta shiga ma'ajiya kai tsaye kamar ita ta ajiye. Ta daɗe tana kallo. "Yaya, gostin ɗinsa kike yi."

Ban kama kalmar ba. Ta rubuta: gostin.

Ta ce daga sunan fatalwa ne a Turanci. Kana tare da mutum, kuna hira kullum, rana ɗaya ya ɓace. Ba faɗa, ba sallama, ba dalili. Ka rubuta shiru, ka kira shiru, alhali yana nan da ransa, wayarsa a hannunsa, yana amsa wa wasu.

Na ce ni ban rabu da shi ba.

Ta ce, "Ai shi ne. Da kin ce masa kin fasa, rabuwa ce, zai yi kukansa ya tashi. Da bulo kika yi masa, wato kin toshe shi, zai ga tik ɗaya, hotonki ya ɓace, ya gane an rufe ƙofa. Ke kin bar saƙonsa na shiga, tik biyu, kin yi shiru. Kullum zai ce ƙila yau."

Na ce kwana kaɗan ne, ina shirin rubuta masa.

"Duk haka suke cewa. Wanda aiki ya riƙe, in ya samu sarari zai ce yi haƙuri. Ke ɓuya kika yi a bayan yadi, Anti ta ba ni labari."

Na juya mata kunnen hagu. Yanzu ina da wannan dabarar.

Asabar, da safe

Fatalwa. Na dubi madubi ina goge haƙori, ina nan dai.

Lahadi, da la'asar

Muna ninke wanki Auta ta ba ni labarin da ban sani ba. Bara wani ɗan ajinsu ya yi mata haka. Ta ce shi sannu a hankali ya janye: amsa ta koma kalma ɗaya, sai bayan wuni, sai babban yatsa, sannan ɗif. Ta ce ta yi makonni tana komawa saman hirarsu tana karantowa, tana neman inda ta yi kuskure. In ta ga yana onlayin sai gabanta ya faɗi. Yana kallon sitatus ɗinta kuma, kullum sunansa na cikin waɗanda suka gani, amma ko gaisuwa.

Na ce ya ƙare da me?

Ta yi dariya. "Bayan wata huɗu ya dawo. Kin san me ya rubuto? 'Kwana biyu.' Wallahi, 'kwana biyu', har da fuskar murmushi. Fatalwa ta tashi daga kabari tana tambayar ya gida."

Na tambaye ta ko ita ta taɓa yi wa wani. Ta ce akwai wanda ya dame ta da maganganun banza, ta ce ya bari ya ƙi, ta toshe shi ba ta waiwaya ba, kuma ko yau za ta sake. "Wannan tsare kai ne, ba ya bina bayani. Amma mutumin da bai yi miki komai ba?" Ta ce yanzu har ƙawaye na yi wa juna, har masu ɗaukar aiki, a kira ka ganawa a ce za a neme ka, shi ke nan.

Ta ninke zanin gado ta ɗora a cinyata. "Ba rashinsa ne ya fi ci min rai ba, Yaya. Rashin sanin me na yi ne."

Na yi ta shafa zanin.

Litinin, da rana

Gobe zan rubuta masa. Na ma fara. Na rubuta "Dogo," na tuna zai iya ganin ina rubutu, na goge.

Me zan ce? Mutumin da duk soyayyarsa a murya take. Yana rera min waƙa yana kwance injin firiji, muryar ba daɗi, shi ma ya sani. Ya taɓa cewa abin da ya fi so a tare da ni shi ne ina saurare.

Laraba, da yamma

Na koma wajen likita, wannan karon da Auta. Ɗan ɗakin nan, maɓallin nan. Na danna fiye da wancan karon, ko kuma na danna ne don ina so. Likitan ya ce kunnen daman ya ɗan motsa. Ya yi maganar wata na'ura ƙarama da ake saƙalawa. Auta ta rubuta komai.

Da muka dawo na gaya wa Umma. Ta riƙe kaina da hannu biyu ta yi ta addu'a a saitin goshina. Ban ji ba, amma na ji ɗumin numfashinta.

A hanya na ga wata mata a tashar mota tana yi wa waya dariya ita kaɗai. Na bi ta da kallo har motarmu ta sha kwana.

Alhamis, da safe

Lambar da ke gefen ma'ajiya ta daina ƙaruwa.

Juma'a, da rana

Ba ta ƙaru ba. Ai abin da nake so ke nan. Na ɗinka labulen wani otal duka a karkace, Madam ta sa na farke.

Asabar, da hantsi

Ya sa sitatus. Na san in na kalla sunana ba zai fito ba tunda na kashe shuɗi, don haka na buɗe. Hoton wani dattijo ne a kan kujerar roba, dogo, hannuwansa a kan gwiwa. Babansa. Na san shi a hoto, shi ya koya masa gyara. A ƙasa an rubuta addu'ar da ake yi wa wanda ya rasu.

Na kalla har hoton ya wuce, na sake buɗewa. Ina tsaye a gidan makoki ba wanda ya gan ni.

Asabar, da la'asar

Na miƙa wa Auta wayar na ce ta saurara min. Ta ce, "Waɗanda ba ki kunna ba za su nuna masa an ji fa." Na ce na sani.

Ta fara da ta ranar Juma'ar nan, wadda na yi wa dariya. Tana saurare fuskarta na canzawa. Ba ta faɗa da baki ba, ta rubuta min: Babansa ya faɗi a banɗaki, suna asibiti, ya ce tsoro yake ji, bai gaya wa kowa ba sai ke.

Ashe ba dariya yake dannewa ba.

Ta ci gaba, ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta min a taƙaice. Ya ce ƙila ba ki saurara da kyau ba, ba komai. Ya ce Baba ya buɗe ido. Ya ce in wani abu ya yi miki ki faɗa ya ba ki haƙuri. Ya tambaya ko maganar da ya yi kan aikinki ce ranar nan, wasa yake. Ya ce an mayar da Baba wani ɗaki. A wannan bai ce komai ba, ƙarar asibiti ce kawai. Ta ƙarshe gajera ce: ya ce ba zai ƙara damunki ba.

Muna zaune sai sama ya nuna yana rubutu. Ya ga sun yi shuɗi. Muka zuba ido mu biyu. Ya daina. Ba abin da ya shigo.

Auta ta ce, "Kada ki kuskura ki rubuta masa 'kwana biyu'."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Umma ta leƙo ta koma.

Lahadi, da safe

Ban rubuta ba. Wannan ba ta waya ba ce.

Talata, da yamma

Na je. Na bari sai da ya koma aiki. Shagonsa na can ƙarshen layin masu walda, tartsatsi na tashi ko'ina ba sauti, kamar ana watsa taurari da rana. Firiji sun yi layi a ƙofa, bakinsu a buɗe. Yana tsugune a bayan wani, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ɗago ya gan ni. Bai tashi ba. Ya yi magana yana kallon injin, ban ga bakinsa ba.

Na ce, "Dogo, ba na ji."

Ya ɗago, ransa a ɓace, ya ƙara faɗa. Ina jin ya ɗauka gatse nake.

Na ce, "Kunnena. Tun zazzaɓin nan. Na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan. Ranar da na tura maka dariya ban ji abin da ka ce ba, na ɗauka labari kake ba ni. Sai shekaranjiya waccan Auta ta saurara min. Allah ya jiƙan Baba." Ban san ko da ƙarfi na faɗa ba. Mai waldan da ke kusa ya juyo, don haka ina jin da ƙarfi ne.

Karo na farko ke nan da na faɗe shi da bakina, na hagu ya tafi.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi ya goge hannu, ya jawo min kujera, ya ɗauko wayarsa. Yana tsaye a gabana yana rubutu da yatsa ɗaya, tawa na rawa a hannuna. Na fito da hirar daga ma'ajiya.

"Sannu. Allah ya ba ki lafiya. Me likita ya ce?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai. Ya sake sunkuyawa.

"Da kin rubuto min kalma biyu. Ba na ji. Shi ke nan."

Na ce kunya na ji, da tsoro.

"Ina zaune a gaban ɗakin Baba ina karanta tsohuwar hirarmu ina neman laifina. Ranar da ya rasu ma na duba ko kin amsa. Wannan ne na kasa yafe wa kaina."

Na karanta na kasa ɗago kai. Ban ce ya yafe min ba, na ga bai kamata in ƙara masa wani aikin ba. Na ce, "Ba ka yi komai ba. Ko ɗaya. Ni ce." Ya dube ni, ya juya baya yana gyara wasu ƙusoshi da ba su buƙatar gyara.

Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya rubuta: "Ban san me nake ji ba yanzu. Ba zan ce miki komai ya wuce ba. Ki ba ni lokaci. In na ga ba zan iya ba, zan faɗa miki da kaina."

Na ce to.

Ya raka ni bakin titi, ya bi ta ɓangaren da motoci suke, ya riƙe hannun rigata sau ɗaya da wani babur ya taho ta bayana. Da mota ta tsaya ya rubuta: "In kin isa gida ki gaya min."

Talata, da magariba

Na kunna shuɗin, na buɗe duk abin da na ɓoye. Na rubuta: "Na iso."

Tik biyu. Suka yi shuɗi.

"To," ya ce.